Albarkar da Lukman Ya Sayar

Ba wanda ya cire mahaifina daga limanci. Da kansa ya ja baya. Wata Laraba ya fita sallar Azahar, masallacin da kan cika sahu uku, ya waiga ya ga mutum biyar, biyu daga ciki ma baƙi ne masu wucewa. Da aka idar sai ya ce wa na'ibinsa, Malam Mika'ilu, daga yau shi zai riƙa ja, domin bai kamata mutum ya tsaya gaban jama'ar da ba sa son limancinsa ba. Washegari masallaci ya cika kamar da. Wannan cikar ta fi min ciwo a kan watsewar.

Sunana Ihsan, 'yar Malam Abdurrahman na Tarai. Shekara talatin da ɗaya yana jan salla yana koyar da Alƙur'ani a garin nan. Rabin magidantan da suka guje shi, shi ya rubuta musu allon farko. Ni kuma aikina a intanet yake. Bayan na gama NCE na zauna shekara biyu ba aiki, sai wata ƙawata a Kano ta nuna min Upwork, wani dandalin intanet da ake samun aiki a kai. Na yi rajista kyauta, na rubuta abin da na iya, na yi wata uku ina neman aiki ana share ni, kafin wani ya ba ni fassarar shafi huɗu. Yanzu ina juya maganar da aka naɗa zuwa rubutu, ina fassara tsakanin Hausa da Turanci. Ba arziki ba ne, amma ya saya min sola da tsohuwar kwamfuta, kuma ina sayen sabuluna da kaina. A gari ana ce min mai dala, wasu da wasa, wasu da haƙora a cije.

Wanda ya jawo mana wannan masifa Lukman ne, ɗan Alhaji Alu mai taki. A zaurenmu ya yi sauka. Yana da shagon cajin waya da POS a Rano, yana da baki kamar gidan rediyo, kuma ko gaisuwa zai yi maka sai ka ji kamar ya ba ka wani abu.

Wata ranar Juma'a ya zo da turare da dabino ya durƙusa gaban Baba. Ya ce ya samu hanyar aiki ta intanet da zai taimaki matasa, yana neman albarka. To Baba bai taɓa tambayar mai neman albarka takardar shaida ba. Mai zuwa ci-rani ya zo, mai sabon babur ya zo, mai jarrabawa ya zo, duk hannu yake ɗagawa. Haka ya yi wa Lukman: Allah Ya sa albarka a wannan aiki, duk wanda ya shiga Allah Ya ba shi rabonsa. Bai san wayar Lukman na aljihun gaba tana naɗa ba.

Da yamma muryar Baba ta shiga wani zauren WhatsApp da Lukman ya buɗe, da rubutu a ƙarƙashinta: Malam ya duba, ya yi istihara, ya ce aikin alheri ne. Aikin wai buga rubutu ne daga gida wa wani kamfanin ƙasar waje, naira dubu ɗari da hamsin a wata, ba a buƙatar ƙwarewa, ba intabiyu. Kuɗin rajista kawai za a biya, dubu takwas, kuma guraben sun kusa cika. A Tarai in Malam ya sa albarka magana ta ƙare. Wasu ko karanta rubutun ba su yi ba.

Ni kaɗai Lukman bai sa a zauren ba, kuma ya san dalili. Sai a kwana na huɗu maƙwabciyarmu Maijidda ta shigo neman in taya ta cike fom. Ina dubawa gabana ya faɗi.

"Maijidda, kin biya?"

"Jiya. Akuyata na sayar."

"Dubi sunan da ke kan asusun nan. Sunan mutum ne, ba na kamfani ba. Adireshinsu ma Gmail ne, irin wanda ni da ke za mu buɗe yanzu a tsakar gidan nan. Kuma wa ya taɓa biyan kuɗi don a ɗauke shi aiki? Ni a inda nake aiki, mai aikin shi ke fara ajiye kuɗi a hannun dandalin kafin in taɓa komai. In na gama aka sake min, sannan dandalin ya cire kasonsa. Ko sisi ban taɓa ba wani ba."

Ta kalle ni sama da ƙasa. "To ai babanki ne ya ce."

Na bi gida-gida ina faɗa. Abin da na samu shi ne wai hassada nake yi, ina so ni kaɗai in ci dala a Tarai. Baba ya tashi bayan sallar La'asar ya ce shi addu'a kawai ya yi, bai san komai a kan aikin ba. Amma a lokacin mutum hamsin da takwas sun riga sun biya. Kuma a ranar da ta gabata Lukman ya ɗauro buhun shinkafa a bayan babur, da rana tsaka, ya bi ta gaban majalisar masu shayi yana gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya sauke a ƙofarmu wai sadaka.

Sati biyu bayan haka kamfani ya yi ɓatan dabo. Lambarsu ta daina shiga, shafinsu ya rufe. Lukman ya zo gari idanu jawur, yana rantsuwa shi ma an cuce shi, har da nuna rasit ɗin dubu takwas ɗinsa. Ya ce shi da bai ji Malam ya sa albarka ba ai da bai saki jiki ba. Aka tausaya masa. Aka tuna da buhun shinkafa. Baba ya sa an mayar da buhun gidan Alhaji Alu ko ɗinkinsa ba a kwance ba, amma kowa ya ga shigowarsa, fitarsa kuwa ba wanda ya ce ya gani.

Baba ya ce a bar wa Allah. Yana fita masallaci ya tsaya a ƙarshen sahu, ya dawo ya zauna da ɗaliban da suka rage masa. Ya rame, rawaninsa ma kamar ya yi masa yawa. Ni dai ban gaji haƙurinsa ba, halin kakata ta wajen uwa na ɗauko, wadda aka ce ta yi shekara tara ba ta yi wa wata magana ba saboda tukunya. Na tsani Lukman. Ina shara ina tunaninsa, ina cikin fassara sai in ga na tsaya ina kallon bango ina tsara yadda zan ga bayansa. Abin da ba ni da shi hujja ce.

Bayan wata biyu yayana Murtala, mai sayar da hatsi a kasuwar Kibiya, ya dawo da labari. Wai Lukman ya fara zagaya Rurum Sabon Gari yana gaida wani dattijon malami da turare da dabino. A daren ban ci tuwo ba, amma da safe na tashi da dabara.

Na ɗauki layin Inna, wanda ba kowa ya san shi ba, na buɗe manhajar hira ta Telegram da shi, na ɓoye lambar, na sa hoton wani dogon gini da na samo a intanet. Na raɗa wa kamfanina suna Brightlane Talent, ni kuma na zama Madam Helen, shugabar ɗaukar ma'aikata ta Afirka ta Yamma. Na rubuta masa da Turancin ofis cewa an ba mu sunansa a matsayin wanda ya iya tara jama'a, muna neman wakili a kudancin Kano, dala ɗari huɗu a wata, da kaso a kan kowane mutum da ya kawo.

Duk alamar ƙarya da na nuna wa Maijidda na zuba ta a saƙon nan. Bai nemi aikin ba, aikin ne ya neme shi. Albashi ya fi aikin girma. Ba shafin kamfani da zai duba, ba fuskar da zai gani, sai Telegram. Na ƙara da cewa cikin awa ashirin da huɗu za a rufe. Abu ɗaya na bari, ban nemi kuɗinsa ba. Na san shi iyakar saninsa kenan, in ba a ce ka biya ba to ba damfara ba ce. Bai san mai aikin bogi wani lokaci katinka yake so, ko asusunka, ko lambar sirrin da banki ya turo maka ba. Ni bakinsa nake so.

Minti goma sha ɗaya ya yi ya amsa. Kafin in tambaya ma ya turo hoton katinsa na ɗan ƙasa, gaba da baya. Na yi dariya har Inna ta leƙo ta ce lafiya.

Na ja shi sati biyu. Yau in yabe shi, gobe in yi shiru sai ya turo saƙo uku yana tambaya ko Madam na lafiya. Na gaya masa akwai wani ɗan Bunkure da shi ma ake dubawa, kuma ya tara mutum ɗari a aikinsa na baya. Sannan na ce matakin ƙarshe shi ne ya naɗo murya da Hausa, don masu tantancewa su ji yadda yake shawo kan mutanen karkara. Na ce ya faɗi aikin da ya taɓa yi, mutum nawa ya kawo, da wace dabara. Na ƙara layi ɗaya a ƙasa: mu ba yara ba ne, mun san yadda wannan harka take, muna son wanda ba ya jin tsoro.

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Muryar ta zo da hantsi, minti huɗu da 'yan daƙiƙu. Na rufe ƙofa na sa abin ji a kunne.

"Madam, ni mutanenmu na san su kamar yunwar cikina," in ji Lukman, har ana jin ƙarar janareton shagonsa. "Ba talla suke ji ba, malami suke ji. A Tarai mutum hamsin da takwas na kawo cikin kwana biyar, kowane kai dubu uku aka ba ni. Wajen tsohon limaminsu na je na ce ya yi min addu'a, na naɗa, shi ke nan. Shi bai san ma me ake ciki ba, ko kunna waya bai iya ba. Na kai masa shinkafa a gaban mutane, don in abu ya fashe a san inda za a kalla. Kuma ya fashe, ni tun farko na san ba aikin da za a bayar. Yanzu haka ni ake wa jaje a garin."

Ya yi 'yar dariya a ƙarshe. Na saurara sau uku. A na ukun na kifa kai a kan kwamfuta na yi kuka mai isata, na takaici da na daɗi a haɗe.

Da na kira Murtala ya ji, sai ya miƙe yana neman makullin babur.

"Zauna, Yaya," na ce. "In ka je ka fasa masa baki, gobe a ce 'ya'yan Malam sun daki wanda aka zalunta."

"To mu kai wa Dagaci."

"Za mu kai. Amma in a zaure aka ji, mutum goma ne za su ji, a ce a rufa asiri saboda Alhaji Alu. Shi a gaban gari ya tozarta Baba. A gaban gari nake so."

Murtala ya fasa neman makullin. "Ke dai Allah Ya shirye ki," ya ce, ya zauna.

Madam Helen ta taya Lukman murnar samun aiki. Ta ce ya tara mutane ranar kasuwar Kibiya da ƙarfe huɗu, ya nemo lasifika, domin babban manaja zai kira kai tsaye ya yi wa jama'a jawabi. Kada ya karɓi ko kwabo kafin nan, fom sai bayan jawabi. Ta kuma ba shi shawara ya gayyato waɗanda suka yi asara a Tarai, a gaya musu kamfani zai fara da su don share musu hawaye. Wannan shawara ta yi masa daɗi ƙwarai, ya ce Madam akwai basira.

Ya ari filin wata makaranta mai zaman kanta a bayan tasha, ya jera bencina a ƙarƙashin darbejiya. Mutane sun fi ɗari, 'yan Tarai, 'yan Rurum, da 'yan kasuwar da suka biyo hayaniya. Lukman ya sha farar shadda da hula zanna, yana yawo da makirufo yana cewa wannan karon da idonsa ya tantance. Murtala da abokansa biyu suka zauna a bencin gaba, dab da teburin da lasifikar take. Murtala ya kuma raɗa wa shugaban 'yan banga cewa ya tsaya kusa, don ni ba gawa nake nema ba, so nake ya rayu ya daɗe yana jin kunya.

Ni ina can gefe bayan wani aji, inda nake hango Lukman ta tsakanin tagogi. Waya biyu ne a hannuna, tawa da ta Murtala, wadda na tura muryar a cikinta. Ƙarfe huɗu da minti biyar na kira. Na ga ya ɗaga hannu yana cewa a yi shiru, ga manaja daga ƙasar waje. Ya haɗa wayarsa da lasifika, ya ja baya yana murmushi. Na kara bakin wayoyin biyu na danna.

"Madam, ni mutanenmu na san su kamar yunwar cikina."

Da farko murmushin bai bar fuskarsa ba, kamar wanda ya ji muryar wani ɗan'uwansa. Sai da aka kai "ba talla suke ji ba" ya zabura ya yi kan tebur. Murtala ya riga shi. Ya ɗauke wayar ya ɗaga sama, abokansa suka tsaya a tsakani. Muryar ta ci gaba, ta ambaci Tarai, ta ambaci dubu uku, ta ambaci tsohon liman da shinkafa. Filin ya yi tsit, har ana jin kwandastoci a tasha suna kiran Kano. Da 'yar dariyar nan ta ƙarshe ta fito ta lasifika, sai wata mata ta saki salati, wuri ya ruɗe.

Maijidda ce ta fara isa gare shi, da takalminta a hannu. Ta samu ta kwaɗa masa sau biyu kafin 'yan banga su zagaye shi. Hular ta faɗi aka tattake. Yana ta cewa haɗi ne, na'ura ce ta kwaikwayi muryarsa, sai Murtala ya buɗe hirar a wayar Lukman ya miƙa wa shugaban 'yan banga, ga muryar nan shi ya tura ta da hannunsa, ga katinsa a sama.

Na fito na tsaya inda zai gan ni. Da aka zo wucewa da shi zuwa ofishin 'yan sanda muka haɗa ido.

"Lukman," na ce, "Madam Helen na gaisuwa. Ta ce ka ci intabiyu."

Ban san yadda zan kwatanta fuskarsa ba, amma na adana ta, kuma har yau in raina ya ɓaci nakan ɗauko ta in duba. Kafin mu hau mota muryar ta shiga kowane zauren WhatsApp da na sani tsakanin Kibiya da Rano.

Washegari Alhaji Alu ya zo da dattawa uku, ya ce zai mayar wa kowa kuɗinsa, ya roƙi gafara. Ina jin su ta bayan labulen zaure. Bai ma rufe baki ba Baba ya ce ya yafe, duniya da lahira, har ya ƙara da addu'ar shiriya. Na ciji yatsa.

Da suka tafi ya kira ni. Yana zaune a kan buzunsa, bai ɗago ba.

"Yaya aka yi maganar nan ta zo hannunki?"

"Ƙarya na yi masa, Baba. Kusan sati uku ina yi."

"Kika tara masa jama'a kuma."

"Eh."

"Uwarsa tun jiya ba ta ci abinci ba. Kin sani?"

"Kai ma ka yi wata biyu ba ka ci ba."

Na ɗauka zai yi faɗa, da ya fi min sauƙi. Sai ya ce, "Je ki ki nemi gafarar Ubangijinki, ki yafe wa yaron nan."

"Istigfari zan yi, Baba. Amma ban yafe ba."

Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar. Ya ɗago ya dube ni kamar yau ya fara ganina, ya ɗauki carbinsa. Daga nan in na gaishe shi sai ya amsa da "lafiya" kawai, ba ya kiran sunana, ba ya tsokanata da mai dala kamar yadda ya saba. Abin ya dame ni fiye da yadda na zata.

A kwana na uku ina tsakar gida ina tankaɗe aka kira Magariba. Masallacin katanga ɗaya ce tsakaninmu, komai muna ji. Aka tayar da iƙama, sai shiru ya yi tsawo. Na ji muryar Malam Mika'ilu yana cewa, "Bismillah, Malam. Wallahi ba zan shiga ba." Na ji wasu muryoyin suna taya shi, har da ta mijin Maijidda, wanda ya fi kowa zagin gidanmu a majalisa.

Sai kabbara ta tashi, da muryar da na sani tun ina goye. Ya fara Fatiha a hankali. A tsakiya muryar ta karye, ya tsaya, ya sake ɗauka. Da ya kai ƙarshe, amin ɗin da ta biyo baya sai da ta tsorata kajin Inna.

Inna ta dube ni tana share ido da gefen zani. "To, hankalinki ya kwanta? Sai ki yafe masa yanzu."

Na ajiye rariya na ɗauki buta. "A'a, Inna," na ce. "Matsa min in yi alwala, kar raka'ar ta wuce ni."